Rubuta Cinikinka a Littafi Kafin Ka Koma Excel

Idan kana kiwon kajin ƙwai, wataƙila ka taɓa yin ciniki tun safe har yamma, amma da lokacin sayen abincin kaji ya zo sai kuɗi ya gaza. Wasu za su ce maka ka koma Excel. Sai dai Excel abin da ka ba shi kawai yake haɗawa. Idan ba ka rubuta komai ba, babu abin da zai lissafa maka. Saboda haka fara da littafi mai kwali da biro.

Ka ja layi ka raba shafi gida biyar: Kwanan wata, Bayani, Yawa, Shiga da Fita. A gidan Shiga, kuɗin da ya shigo hannunka kaɗai za ka rubuta. A gidan Fita kuma, wanda ya bar hannunka. Kowace harka layinta daban, kuma ka rubuta nan take, kada ka bari sai dare. Idan ka yi kuskure, ka ja layi ɗaya a kai ka rubuta daidai a gefe, kada ka yage shafi.

Bari mu ɗauki misalin rana guda. Farashin na misali ne, kai sai ka sa na kasuwarku. Ka wayi gari da ₦10,000 a akwatin ciniki. Ka sayar da kiret 8 na ƙwai, kowanne ₦5,000. Shida an biya ka hannu da hannu, wato ₦30,000, sai ka rubuta a Shiga. Sauran biyun mai shayi ne ya ɗauka, ya ce sai ranar Juma'a. Wannan ₦10,000 ba ta shiga gidan Shiga, domin ba ta zo hannunka ba tukuna. Ka buɗe shafin bashi a bayan littafin, ka rubuta sunansa, kwanan wata da kiret 2. Ranar da ya biya ka soke bashin, sannan ka sa kuɗin a Shiga.

A ranar ka sayi buhun abincin kaji ₦22,000, ka biya ɗan acaɓa ₦1,000, ka sayi magani ₦2,000. Jimillar Fita ta zama ₦25,000.

Da yamma sai rufe lissafi, wanda bai wuce aikin minti biyar ba. Haɗa kuɗin safe da abin da ya shigo: ₦40,000. Cire ₦25,000, saura ₦15,000. Yanzu ƙirga abin da ke cikin akwati. A ce ka tarar da ₦13,000. Ina ₦2,000 ta shiga? Da yake abin na yau ne, za ka tuna ka ba da kuɗin cefane da rana. Rubuta a Fita da sunan "kuɗin gida". Ba laifi ba ne ka ci daga gonarka, amma idan ba ka rubuta ba, a ƙarshen wata za ka ɗauka kajin ne ba sa kawo riba. Kuɗin da aka turo ta banki kuma ka sa masa alama, kada ka neme shi a akwati.

Idan ƙungiya ce, mai riƙe kuɗi daban, mai rubutu daban, kuma su biyun su sa hannu a ƙasan lissafin kowace rana. Wannan yana rage zargi ranar taro.

To yaushe za ka koma Excel ko Google Sheets? Ka bari sai ka yi kamar wata uku littafi da akwati suna dacewa, kuma haɗa jimillar wata da hannu ta fara cinye maka lokaci. Gidajen nan biyar su ne za su zama A, B, C, D da E. Ka sa kuɗin farkon wata a layin farko na Shiga, sannan a wani gida na gefe ka rubuta:

```
=SUM(D2:D200)-SUM(E2:E200)
```

Amsar da ta fito ita ce kuɗin da ya kamata ya rage maka, na akwati da na banki a haɗe. Ka kula da abu guda: lamba zalla ake rubutawa. Idan ka sa "5k" ko "naira 5000", SUM zai tsallake gidan ba tare da ya gaya maka ba, jimillar ta fito ƙasa da ta littafi.

Ko ka koma waya, kada ka jefar da littafin. Ka ci gaba da rubutu a cikinsa a gona, ka riƙa kwashewa zuwa Excel sau ɗaya a mako. Ranar da caji ya ƙare ko waya ta ɓata, shi ne shaidarka a gaban mai shayi.