Hajiya, ba za a mayar da kuɗin ba

A ce wata Hajiya ta sayi turmin atamfa yadi shida a Kantin Kwari a kan naira 18,000 saboda ankon biki. Ta kai wa tela, ya yanka. Bayan kwana goma amarya ta canza anko, sai ga saƙon Hajiya a waya tana neman a karɓi kaya a mayar mata da kuɗinta. Mai shagon ya san ba zai karɓa ba, amma ba ya so ya rasa kwastoma ta shekaru.

Kafin ya taɓa waya, ya fara tambaya ko atamfar tana da aibi. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke kula da ita, ta bai wa mai saye damar mayar da kaya cikin wata uku in sun kasa ingancin da ya kamata, a gyara, ko a canza, ko a biya shi. Kwalin da ake liƙawa a bango cewa ba a mayar da kaya bayan saye ba ya goge wannan haƙƙi. Fiƙihu ma ya bai wa mai saye zaɓi in ya tarar da aibin da ba a nuna masa ba. Don haka da atamfar ta yi zuba a wankin farko, ko an auna an ga yadi biyar da rabi, babu lafazi mai daɗin da zai halasta ƙin biya. Amma wanda ya canza ra'ayi kawai, warware masa ciniki alheri ne da malamai ke kira iƙala, ba dole ba ne.

Tunda kayan Hajiya lafiyarsu lau, ga irin abin da zai rubuta mata:

"Assalamu alaikum Hajiya, da fatan kina lafiya, ya shirye-shiryen biki? Mun ga saƙonki game da atamfar da kika saya ran Talata. Mun duba hoton, babu zuba kuma babu yagewa, sai dai tela ya riga ya yanka ta, ba za ta sake sayuwa ba. Saboda haka ba za mu iya mayar da kuɗin ba, ki yi haƙuri. In sabon ankon yana wurinmu, za mu rage miki naira 1,500 a turmi. In kuma akwai aibin da ba mu gani ba, a kawo mu duba. Allah ya sanya alheri a bikin."

Dalili ɗaya ya kawo, kuma wanda Hajiya za ta iya gani da idonta. Da ya ƙara cewa kasuwa ba ciniki, ko maigida ya yi tafiya, da ya ba ta abin kamawa, domin maigida zai dawo.

Inda na fi ganin ana tuntuɓe shi ne wajen jera Hausa da Turanci a saƙo ɗaya, abin da shaguna ke yi saboda masu saye daga Legas ko Fatakwal, ko don a samu shaida in magana ta kai gaban hukuma. Sai ka ga na Turancin ya yanke magana a layi biyu, na Hausar kuwa kunya ta kama mai rubutu, ya ƙare da "bari mu gani" ko "za mu duba in Allah ya so". A bakin ɗan kasuwa wannan a'a ce mai riga, amma a rubuce alkawari ne, kuma Hajiya tana da gaskiya in ta dawo bayan mako tana tambayar me aka gani. Ɗanta ya karanta na Turanci, ita ta karanta na Hausa, kowa da abin da ya fahimta, rigima ta tashi a kan saƙon da aka rubuta don a kauce mata.

Gaisuwa tana iya bambanta. Hausa na buƙatar sallama da tambayar iyali da addu'a, Turanci kuwa godiya ɗaya ta wadatar. Abin da ba zai bambanta ba shi ne hukuncin, da dalilin, da adadin rangwamen. A kuma kula da kalmar ban haƙuri. "Ki yi haƙuri" tausasawa ce, ba ta ɗora wa shago laifi. "Ki yafe mana" kuwa amsa kuskure ne, kuma mai fassarar da ya zaɓe ta ya sa shago ya amsa laifin da bai yi ba. Kafin ya tura, mai shagon ya karanta wa yaron shago na Hausar a fili, ya tambaye shi ko Hajiya za ta sa ran kuɗi. In yaron ya ce wataƙila, sai a sake rubutawa.