Lissafin pH: daga lamba zuwa yawan haidurojin, da yadda ake komawa baya

Yau kemistiri za mu taɓa, kuma da tambaya zan fara. Ruwan lemun tsami pH ɗinsa wajen 2 ne. Ruwan tumatir kuwa wajen 4. To, sau nawa lemun tsami ya fi tumatir yawan asid? Yawancin mutane za su ce sau biyu, tunda 4 ninkin 2 ne. Amsar ita ce wajen sau ɗari. In kun biyo ni zuwa ƙarshe, za ku ga inda ɗarin ta fito, kuma ku iya lissafa ta da kanku.

Mu fara da abin da ake aunawa. Idan asid ya shiga ruwa, yana sakin wasu ƙananan ƙwayoyi masu caji da ake kira ayon na haidurojin, ana rubuta su H⁺. Yawansu a cikin ruwan shi ne ƙarfin tsamin. Ana ƙirga su da mol a kowace lita. Ku ɗauki mol a matsayin mudun masu kemistiri: kamar yadda ba a ƙirga gero ƙwaya-ƙwaya, haka su ma sai da mudu. In kun ga an rubuta [H⁺] a cikin wannan baka mai kusurwa, ana nufin mol nawa na H⁺ ke cikin lita ɗaya.

Matsalar ita ce lambobin ƙanana ne ƙwarai. A ruwan lemun tsami [H⁺] wajen 0.01 ne. A tsantsar ruwa, a zafin digiri 25, 0.0000001 ne. Ka ga kafin ka gama ƙirga sifili ido ya gaji, kuma in ɗaya ya kuɓuce maka, amsarka ta kauce da ninki goma. Shi ya sa a shekarar 1909 wani masanin kemistiri ɗan ƙasar Denmak, Søren Sørensen, da ke aiki a ɗakin binciken Carlsberg a birnin Kopenhagen, ya kawo gajeriyar hanya. Maimakon a rubuta doguwar lambar, sai a faɗi gurbi nawa ta yi nisa bayan ɗigo.

Ga yadda abin yake. 0.01 shi ne ɗaya bisa ɗari, wato ka raba 1 da goma sau biyu. A taƙaice ana rubuta shi 10⁻². Wannan ƙaramar lambar da ke saman goma ita ake kira fawa, kuma alamar ɗebewa da ke gabanta tana nuna rabawa ake yi, ba ninkawa ba. Logaridim, wanda yake a kalkuletarku da sunan log, tambaya ɗaya kawai yake yi: wace fawa zan ɗora wa goma in sami wannan lambar? Don haka log na 100 shi ne 2, log na 0.01 kuma shi ne −2.

Tunda kusan duk ruwan da muke hulɗa da shi [H⁺] ɗinsa bai kai 1 ba, log ɗinsa kullum da alamar ɗebewa zai fito. Sai aka ƙara wata alamar ɗebewa a gaba don ta kashe waccan. Ga dokar:

pH = −log[H⁺]

Lemun tsami: log na 0.01 shi ne −2, a juya alamar, pH ya zama 2. Tumatir: [H⁺] wajen 0.0001, wato 10⁻⁴, pH ya zama 4. Yanzu ku dubi 0.01 da 0.0001. Na farko ya ninka na biyu sau ɗari. Ga ɗarinmu ta fito. Kowane taki ɗaya a ma'aunin pH ninki goma ne, taki biyu goma sau goma, taki uku dubu.

Wannan alamar ɗebewa ita ce kuma dalilin da ya sa ma'aunin yake tafiya a juye. Idan asid ya ƙaru, pH sauka yake yi. Ƙasa da 7 asid ne, 7 tsaka-tsaki, sama da 7 kuma alkali. Ba alƙalin kotu ba fa, ina nufin dangin kanwa da ruwan toka. Iyayenmu mata sun daɗe da sanin aikinsu: in yakuwa ta yi tsami da yawa a miya, sai a jefa 'yar kanwa. Kanwar tana cinye wani kaso na H⁺, pH ya hau, tsamin ya kwanta.

To, a jarrabawar WAEC ko JAMB ba kullum za a ba ka lamba mai daɗi irin 0.01 ba. Bari mu yi wata a hankali. A ce [H⁺] = 2 × 10⁻⁴. Dokar logaridim ta ce in an ninka lambobi biyu, sai a tara log ɗinsu. Log na 2 shi ne 0.30, log na 10⁻⁴ kuma −4. In ka tara, ka sami −3.70. Juya alamar, pH = 3.70. Ga sauƙaƙƙiyar hanyar riƙe shi: ɗauki fawar ba tare da alamarta ba, wato 4, ka ɗebe log na lambar da ke gaba. 4 a cire 0.30, saura 3.70.

Kafin ka yarda da amsar, tsaya ka tambayi kanka ko ta yi ma'ana. 2 × 10⁻⁴ ya fi 1 × 10⁻⁴ yawa, kenan asid ya fi yawa, dole pH ya yi ƙasa da 4. Amma bai kai 10⁻³ ba, don haka ba zai sauka har 3 ba. Amsa dole ta faɗa tsakanin 3 da 4. In ka ga 4.30 a takardarka, ka san tarawa ka yi a inda ya kamata ka ɗebe.

Yanzu mu juya motar. An ba ka pH, ana son [H⁺]. Abin da log ya ɗaure, fawar goma ce ke kwance shi:

[H⁺] = 10^(−pH)

In pH 5 ne, babu wahala, [H⁺] = 10⁻⁵. Amma mu ɗauki jinin mutum. Jinin mai lafiya yana zama tsakanin 7.35 da 7.45, mu ce 7.4. Muna neman 10 mai fawa −7.4. A kalkuleta irin ta 'yan makaranta, ka danna SHIFT sannan log, zai ba ka 10^x, ka sa −7.4. Zai nuna maka 3.98 × 10⁻⁸, wato wajen 4 × 10⁻⁸ mol a lita.

In babu kalkuleta fa? Sai ka tsallaka zuwa cikakkiyar lambar da ke gaba, wato 8. Ai −7.4 daidai yake da −8 a ƙara 0.6. Kenan amsar ita ce 10 mai fawa 0.6, sau 10⁻⁸. Mun san log na 2 shi ne 0.3, to log na 4 zai zama 0.6, tunda 4 biyu sau biyu ne. Amsa: 4 × 10⁻⁸. Shi ke nan, ba ka taɓa maɓalli ko ɗaya ba.

Ku riƙe wannan 0.3 ɗin da kyau, don yana nufin ninki biyu. A ce pH na jinin marar lafiya ya sauka daga 7.4 zuwa 7.1. A ido kamar ba komai, ɗan 0.3 ne kawai. Amma [H⁺] ya tashi daga 4 × 10⁻⁸ zuwa wajen 8 × 10⁻⁸. Ya ninka kenan. Shi ya sa likita ba ya wasa da irin wannan sakamakon, kamar yadda yake faruwa ga wasu masu ciwon suga idan cutar ta rikice asid ya taru a jini.

Akwai wani tarko da ke kama har masu ƙoƙari a aji. A ce kana da lita ɗaya ta asid mai ƙarfi, irin HCl, mai pH 2, da wata lita ɗaya ta asid ɗin mai pH 4. Ka juye su wuri ɗaya. Mene ne pH na haɗin? Zuciya za ta ce maka 3, tsakiyar 2 da 4. A'a. Ba a tara pH a raba biyu, domin pH fawa ce, ba adadin kaya ba. Dole ka koma wurin kayan. Litar farko tana ɗauke da mol 0.01, ta biyu mol 0.0001. Jimla 0.0101, a cikin lita biyu. Raba biyu, ka sami 0.00505, wato wajen 5 × 10⁻³. Log na 5 shi ne 0.70, sai mu ce 3 a cire 0.70. pH ya zama 2.3. Kun gani? Ya tsaya kusa da 2, don abin da lita ta biyu ta kawo bai taka kara ya karya ba. Kusan ruwa kawai ta ƙara.

Sauran kurakuran na yatsa ne. Na farko, mantawa da alamar ɗebewa. In ka lissafa pH na ruwan tumatir ka ga −4, ko ka nemi [H⁺] ka ga 10,000, alamar ce ta zame. Na biyu, danna ln maimakon log. Maɓallan suna maƙwabtaka, amma ln ba da goma yake aiki ba, amsarsa tana ninka ta log wajen sau 2.3. Gwada da 0.001: log zai ba ka pH 3, ln kuwa 6.9. Abin haɗarin shi ne 6.9 ta yi kama da amsar kirki, sai ka ɗauka ruwan sha ne alhali asid ne. Don haka kafin ka fara, danna log na 100. In ka ga 2, kana kan hanya.

Abu na ƙarshe da za a kiyaye: abin da ke shiga cikin dokar shi ne H⁺ da aka saki, ba yawan asid ɗin da aka zuba ba. HCl yana sakin kusan duka nasa, shi ya sa mol 0.1 a lita yake ba da pH 1. Asid ɗin da ke cikin binega kuwa marowaci ne, a cikin ɗari wajen ɗaya kawai yake saki a wannan ma'aunin. Mol 0.1 ɗinsa a lita pH wajen 2.9 yake bayarwa. In tambaya ta ce asid ɗin mai rauni ne, kar ka ɗauki lambar ka jefa cikin log kai tsaye.

Ga aikin gida guda biyu, kuma ba na son a taɓa kalkuleta. Na ɗaya, nemo pH idan [H⁺] = 4 × 10⁻⁶. Na biyu, nemo [H⁺] idan pH = 4.7. Duk abin da kuke buƙata shi ne log na 2, kuma kun riga kun san shi. Da amsoshin za mu buɗe shiri na gaba, in Allah ya kai mu.