Yadda Kwamfuta Ke Lalubo Kalma a Dogon Rubutu

Idan aka ce wa kwamfuta ta nemo wata jimla a rubutu mai haruffa miliyoyi, hanya mafi sauƙi ita ce ta tsaya a kowane gurbi tana gwada harafi da harafi. Wannan yana iya cin lokaci, musamman inda sassan rubutun suka yi kama da juna. A 1987 Richard Karp da Michael Rabin suka wallafa wata dabara: a taƙaita abin da ake nema zuwa lamba guda, wato hash, sannan a riƙa gwada lamba da lamba.

Kwamfuta dai tana ajiye kowane harafi ne a matsayin lamba, don haka bari mu yi misali da lambobi. A ce muna neman 472 a cikin jerin 3589472. Ƙa'idarmu ita ce a raba kowane yanki da 13, a riƙe abin da ya saura. Idan aka raba 472 da 13, saura 4. Ke nan duk yankin da saurarsa ba 4 ba ce, ba shi muke nema ba.

Yanki na farko shi ne 358, saurarsa 7, don haka mun wuce shi. Na biyu 589 ne, kuma a nan hikimar take, domin ba sai an sake lissafi daga tushe ba. Lambar 3 da za ta fita tana matsayin 300, wanda saurarsa 1 ce. A cire 1 daga 7, ya zama 6. A ninka da 10 don sauran lambobin su gusa gaba, ya zama 60. A ƙara 9 da ta shigo, 69 ke nan, a raba da 13, saura 4. Cirewa, ninkawa, ƙarawa da rabawa, shi ke nan aikin, ko yankin haruffa uku ne ko dubu uku. Shi ya sa ake cewa hash ɗin yana mirginawa, domin sabon lissafi daga tsohon yake fitowa.

Sai dai ga matsala. Saurar 589 ta zo daidai da ta 472, alhali ba abu ɗaya ba ne. Wannan shi ne dacewar ƙarya, kuma ba makawa sai ta faru. Jeri mai lambobi uku iri dubu ne, amma saura iri 13 ce kawai, daga 0 zuwa 12, don haka dole da yawa su yi tarayya a saura ɗaya. Kama da wane ba wane ba ce. Idan saura ta bambanta, tabbas yankin ba shi ba ne. Idan ta dace, zato ne kawai.

Maganin farko shi ne tantancewa. Duk inda saura ta dace, sai kwamfuta ta gwada harafi da harafi. A misalinmu tun daga lambar farko asiri ya tonu, domin 5 ba 4 ba ce. Sai a ci gaba: 894 saura 10, 947 saura 11, sannan 472 saura 4, aka gwada kuma aka tarar shi ne. Yankuna biyar aka bi, biyu kaɗai aka buɗe.

Magani na biyu shi ne kyakkyawan zaɓen lambar rabawa. Da 13, kusan yanki ɗaya cikin kowane 13 zai dace bisa ƙarya, wanda ya yi yawa. A aiki na gaske ana ɗaukar babbar lamba wadda ba ta rabuwa sai da kanta da 1, kamar 1,000,000,007, sai dacewar ƙarya ta yi wuya ƙwarai. Mugun zaɓe kuwa yana rushe komai. Da mun raba da 10, lambar ƙarshe kaɗai za ta yi tasiri. Da mun raba da 9, da 472 da 274 da 742 duk saurarsu 4, domin wannan rabawar ba ruwanta da tsarin jeri.

Akwai kuma mai mugun nufi. Wanda ya san lambar rabawa zai iya shirya rubutu da gangan ta yadda yankuna masu yawa za su dace bisa ƙarya, kwamfuta ta yi ta tantancewa har aikin ya yi nauyi. Don haka Karp da Rabin suka kawo shawarar a zaɓi lambar ta hanyar ƙuri'a lokacin da za a fara aiki.

Mai rubuta manhaja zai iya gane ko lissafinsa lafiya yake ta hanyar ƙirga sau nawa aka tantance aka tarar ba daidai ba. Idan adadin ya zarce abin da girman lambar rabawa ya nuna, to a sake zaɓe. Wanda kuma ya tsallake tantancewa don neman sauri, ya sani cewa wata rana manhajarsa za ta nuna masa 589 ta ce ga 472.