Yadda ake ƙiyasta lokacin kammala gasar tirayatlon

Tirayatlon gasa ce da ta haɗa wasanni uku a jere: ninƙaya, da tseren keke, da kuma gudu. Agogo yana fara aiki ne tun lokacin da ɗan wasa ya faɗa ruwa, ba ya kuma tsayawa sai ya ƙetare layin ƙarshe.

An fara gasar a sigarta ta zamani a birnin San Diego na Amurka a shekarar 1974, ta kuma shiga cikin wasannin Olamfik a birnin Sidni a shekarar 2000. Nisan da ake amfani da shi a Olamfik shi ne ninƙayar mita 1,500, da tuƙin keke na kilomita 40, sannan gudun kilomita 10.

A gasar Olamfik ta birnin Paris a 2024, Alex Yee na Burtaniya ya gama wannan tafiya cikin awa 1 da minti 43 da daƙiƙa 33. Shi kuwa sabon shiga yakan ɗauki kusan ninki biyu na wannan lokaci, kuma yana da bukatar ya san hakan tun kafin ranar gasa.

Dalili kuwa shi ne, masu shirya irin waɗannan gasanni kan ƙayyade lokacin da za a tsayar da duk wanda bai iso ba. Haka kuma da ƙiyasin ne mutum zai san yawan ruwan da zai ɗauka, da irin ranar da zai yi gudu a cikinta.

Kashi biyar ne, ba uku ba

Lissafin yana da sassa biyar. Ban da wasannin uku, akwai sauyi na farko, daga ruwa zuwa keke, da sauyi na biyu, daga keke zuwa gudu. Duka biyun ana ƙirga su cikin lokacin ɗan wasa.

A ɗauki misalin wani ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, wanda ke shirin shiga gasa mai nisan Olamfik. Yana koyon ninƙaya a tafkin wanka, yana gudu a cikin harabar jami'a, keke kuma yana tuƙawa ne a kan hanyar Sakkwato, inda ya auna kilomita 10 tsakanin Samaru da Sabon Gari.

Matsalar farko da zai fuskanta ita ce kowane wasa da irin ma'auninsa. Ana auna ninƙaya da lokacin da mutum ke cin mita 100, keke da yawan kilomitar da ake ci a awa guda, gudu kuwa da mintin da ake ɗauka a kowace kilomita. Tilas ne a mai da su duka zuwa minti kafin a haɗa.

Ɗalibin yana cin mita 100 a ruwa cikin minti 2 da daƙiƙa 20, wato daƙiƙa 140. Da yake akwai mita ɗari sau 15 a cikin mita 1,500, lokacinsa zai kama daƙiƙa 2,100, ko kuma minti 35.

A gudu yana ɗaukar minti 5 da daƙiƙa 30 a kowace kilomita, saboda haka kilomita 10 za ta ci masa minti 55. A nan ne mutane da dama ke tuntuɓe. Wanda ya buga 5.30 a na'urar lissafi zai samu minti 53, alhali daƙiƙa 30 rabin minti ce, abin da ya kamata ya buga shi ne 5.5.

Tarkon da ke cikin lissafin keke

Keke ne ke cinye kusan rabin lokacin gasar, don haka kuskure a nan ya fi tsada.

A ce ɗalibin yana gudun kilomita 30 a awa idan iska na bayansa, a dawowa kuma, da iska a gabansa, ya sauka zuwa 20. A ido, matsakaicin saurinsa 25 ne. To amma ba haka abin yake ba.

Zuwa ya ci masa minti 20, dawowa kuma minti 30. Ke nan ya yi kilomita 20 cikin minti 50, wanda ya yi daidai da kilomita 24 a awa. Abin da ya jawo haka shi ne ya fi daɗewa a ɓangaren da yake tafiya a hankali, kuma iskar da ta tura shi a zuwa ba ta biyan bashin da ta ci a dawowa.

A kan kilomita 40, saurin 25 yana ba da minti 96, saurin 24 kuwa minti 100. Minti huɗu sun salwanta tun a kan takarda.

Ƙa'idar dai ita ce a raba nisa da lokacin da aka ɗauka a zahiri, kada a haɗa sauri biyu a raba gida biyu.

Akwai kuma batun hanya. Mai tuƙi tsakanin Samaru da Sabon Gari sai ya rage gudu a wurare irin su Kwangila saboda cunkoson motoci da babura, abin da ba zai samu ba a gasar da aka rufe hanya. Hakan na iya sa ya raina saurinsa. A ɗaya ɓangaren kuma, wanda ya saba tuƙi a bayan abokansa suna tare masa iska zai zaci ya fi ƙarfinsa sauri. A Olamfik an yarda 'yan wasa su bi bayan juna, amma a akasarin gasannin waɗanda ba ƙwararru ba, dokar ta hana.

Mintunan da ake mantawa da su

A sauyi na farko, ɗan wasa zai fito daga ruwa, ya ruga zuwa inda ya jingine kekensa, ya sa takalmi, ya ɗaura hular kwano. Doka ta ce sai ya ɗaure igiyar hular kafin ya ɗauki keken, kuma ba zai hau ba sai ya tura shi ya wuce layin da aka shata.

Ƙwararru kan gama wannan cikin kimanin minti ɗaya. Sabon shiga kuwa, musamman wanda zai ɗora riga da wando a kan jiƙaƙƙen jiki domin suturta kansa, ya kamata ya gwada da agogo a gida. A misalin nan, ɗalibin ya samu minti 4 a sauyi na farko, da minti 2 a na biyu.

Jimillar ke nan: 35 da 4 da 100 da 2 da 55, wato minti 196, ko awa 3 da minti 16.

To sai dai wannan adadi shi ne mafi kyawun abin da zai iya samu, domin kowane wasa an auna shi ne shi kaɗai, da hutaccen jiki.

Gyaran da gajiya ke tilastawa

A tafkin wanka akwai bango da mutum ke tunkuɗawa da ƙafa a kowane juyi, ruwan kuma garau yake. A kogi ko tafki babu bango, ga turereniyar jama'a, sannan mutum yakan karkace daga hanya. Idan ya ƙara kashi 5 cikin 100 a kan nisan, ya yi ƙarin mita 75 ke nan, wato minti 1 da daƙiƙa 45. Idan aka haɗa da rashin bango, ya dace a mai da minti 35 zuwa 38.

Wannan gyara gara a yi shi da lissafi, maimakon mutum ya je gwaji shi kaɗai a madatsar ruwa irin ta Kubanni. Ban da haɗarin nutsewa, ruwan da ke kwance a wannan yanki na iya ɗauke da cutar tsargiya.

Gyara mafi girma yana wajen gudu. Bayan minti 100 a kan keke, cinyoyi sun gaji, jiki ya zubar da gumi, ƙafafu kuma kan yi nauyi a kilomitar farko. Hanyar gano yawan asarar ita ce gwaji: a tuƙa keke na awa ɗaya ko fiye da irin saurin gasa, a sauka nan take a yi gudun kilomita 3 ko 4 da agogo.

Idan gwajin ya nuna ɗalibin ya koma minti 6 a kilomita, to gudunsa ya zama minti 60 maimakon 55.

Sabon lissafin zai kasance 38 da 4 da 100 da 2 da 60, wato minti 204, ko awa 3 da minti 24.

Yanayi ma na da nasa rabo. Idan aka tashi da ƙarfe 7 na safe, ɗalibin zai fara gudu da ƙarfe 9:24, ya gama da 10:24. A sanyin hunturu wannan ba wata matsala ba ce, amma a irin zafin watan Maris da Afrilu na Zariya, rana ta riga ta buɗe. Ƙarin daƙiƙa 30 a kowace kilomita zai kai shi awa 3 da minti 29.

Saboda haka amsar da ta dace ita ce ya sa ran gamawa a kusan awa 3 da minti 24, tare da sanin cewa abin na iya kamawa daga 3:16 zuwa 3:30.

Amfanin ƙiyasin a ranar gasa

Lissafin yana nuna wa mutum inda zai zuba ƙarfinsa a lokacin atisaye. Rage daƙiƙa 10 a kowace mita 100 ta ninƙaya aikin watanni ne, ribarsa kuma minti 2 da rabi. Ƙara kilomita ɗaya a awa a kan keke yana ba da minti 4. Rage lokacin sauyi da rabi yana ba da minti 3, kuma tsara kaya da maimaita gwaji kawai yake bukata.

Haka zalika, ƙiyasin kan zama ma'auni a tsakiyar gasa. Ɗalibin ya san zai fito daga ruwa a minti na 38, ya hau keke a na 42, ya kai rabin hanya a awa 1 da minti 32, sannan ya sauka a awa 2 da minti 22.

Idan ya duba agogo a rabin hanyar keke ya ga awa 1 da minti 26, ba tare da iska na tura shi ba, to alama ce ta cewa yana kashe ƙarfin da zai bukata a gudu. Hausawa kan ce sauri ya haifi nawa. Minti shida da ya ci a kan keke na iya komawa asarar minti goma, idan gajiya ta tilasta masa takawa da ƙafa a kilomitocin ƙarshe.

Bayan gasa kuma, masu shiryawa kan fitar da lokacin kowane ɗan wasa kashi biyar. Kwatanta kowane kashi da abin da aka ƙiyasta shi ne zai nuna inda lissafin ya kauce, kuma da waɗannan alƙaluma ne ake gina ƙiyasin gasa ta gaba.