Ranar Biki Tana Cikin Bidiyon: Yadda Ake Jera Dubban Bidiyoyin Iyali

A kusan kowane gida akwai mutum guda da ake tura wa bidiyon suna, ɗaurin aure, kamu, saukar karatu da yawon Sallah. Shekara goma sai ka tarar da bidiyo dubu uku cunkushe a folda ɗaya, masu suna irin `MOV_0417.mp4`. Idan ya ce kwamfuta ta jera su bisa kwanan wata, sai ta nuna masa ɗari takwas duk rana guda aka yi su. Ranar nan kuwa ba ta biki ba ce, ranar da aka kwashe su daga tsohuwar waya ce.

Dalili shi ne kwanan watan da ake gani a gefen fayil na kwamfutar ne, kuma yana iya sauyawa duk lokacin da aka kwafa ko aka tura. Na gaskiyar yana cikin bidiyon. Lokacin ɗauka, waya takan rubuta rana da sa'a a cikin fayil ɗin MP4 ko MOV, cikin ɓoyayyun bayanan da ake kira metadata, kuma kwafa ba ta taɓa su. Manhajar da na fi yarda da ita wajen karanta su ita ce ExifTool, wadda Phil Harvey ya fitar a 2003, kyauta ce kuma. Tana nuna wannan lokaci da sunan `CreateDate`.

Kafin komai, a kwafi bidiyoyin gaba ɗaya a ajiye a wani wuri dabam, domin umarnin kwashe fayil yake yi daga mazauninsa, kuma ba shi da maɓallin komawa baya. Sannan a yi gwaji:

```
exiftool -r -api QuickTimeUTC -ext mp4 -ext mov -d "Jere/%Y/%Y-%m-%d/%%f%%-c.%%e" "-TestName<CreateDate" Bidiyo
```

Wannan ba ya motsa komai. Yana leƙa foldar `Bidiyo` da duk na cikinta, ya nuna inda kowane fayil zai koma. Bidiyon Babbar Sallar 2019, alal misali, zai nufi `Jere/2019/2019-08-11`. In an gamsu, sai a sauya `TestName` da `FileName` a sake bayarwa. Guntun nan `%%-c` kada a cire shi: wayoyi biyu kan ba bidiyo suna iri ɗaya, shi ne ke ƙara lamba a na biyun don ya samu shiga.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne sa'a. Ƙa'idar waɗannan fayiloli ita ce a rubuta lokaci da agogon duniya, `UTC`, Nijeriya da Nijar kuwa suna gabansa da awa ɗaya. Bidiyon da aka ɗauka ƙarfe 12:30 na dare, an riga an shiga 15 ga Disamba, a ciki 11:30 na daren 14 aka rubuta. Aikin `QuickTimeUTC` ke nan, ya mayar da shi agogon kwamfutarka. To amma agogon kwamfutarka, ba na inda aka yi ɗaukar ba. Alhajin da ya ɗauki bidiyo a Muzdalifa ƙarfe 1:30 na dare, wayewar 28 ga Yunin 2023, Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, don haka a Kano bidiyon zai faɗa foldar 27 ga wata. Masu iPhone suna da sauƙi, domin tana ƙara wani layi, `CreationDate`, mai ɗauke da agogon wurin; da shi ya kamata a jera nasu. Wasu kyamarori kuma ba sa bin ƙa'idar sam, agogon gari suke rubutawa. Hanyar ganewa ita ce a ɗauki bidiyo guda da aka san lokacinsa, ko mai suna irin `VID_20221215_003012.mp4`, a gwada da abin da manhajar ta karanta. In an ga saɓanin awa ɗaya cif, a ware bidiyoyin wannan kyamara a jera su ba tare da `-api QuickTimeUTC` ba.

Sai na WhatsApp, waɗanda su ne mafi yawa a wayoyinmu. Yakan matse bidiyo kafin ya tura, sau da yawa lokacin ɗauka ya goge, a ga sifiri zalla a gurbinsa. Abin da ya rage shi ne suna kamar `VID-20190813-WA0004.mp4`, wanda ranar turawa ko karɓa yake nunawa. Ni a ganina kada a cusa su cikin sahihan foldoji. A ba su tasu, a nemi asalin daga wanda ya ɗauka, ta kebul ko katin memori.

Idan kuma foldar 1970 ko 2000 ta ɓullo cike da bidiyon jaririn bara, kyamarar ce ba a saita agogonta ba. Nan sai an koma wa mutane: a kunna wa Inna ko Goggo, su dubi ankon da aka sa da yaron da ke goye, su faɗi bikin wane ne da shekararsa, a rubuta wa foldar suna da hannu.