Lissafin sabnet ba tare da bainari ba: lambobi takwas da za su fitar da kai a ɗakin jarrabawa

Jama'a, duk wanda yake shirin rubuta jarrabawar tsaron intanet, irin su Security+ ta kamfanin CompTIA, ya san inda gizo ke saƙa. Ka karanta nau'o'in hare-hare ka haddace, sai tambaya ta zo da adireshi kamar 192.168.10.77/26, a ce ka faɗi iyakarsa. Nan take sai mutum ya hau jera sifili da ɗaya a takarda, kafin ya gama minti biyar sun tafi. Ita kuwa Security+ minti 90 ake bayarwa, tambayoyinta suna iya kaiwa 90. Ka ga ke nan babu lokacin ɓatawa.

Abin da nake so in nuna a nan shi ne, akasarin irin waɗannan tambayoyi ana amsa su da ragi da ƙirga kawai, irin lissafin da ake yi a kasuwa da ka.

Mene ne wannan lamba ta bayan karan tsaye?

Adireshin IPv4 gida ne mai ɗaki huɗu, ɗigo ne ya raba su. Kowane ɗaki yana ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255, wato lambobi 256. A cikin kwamfuta kowane ɗaki bit takwas ne, gaba ɗaya 32 ke nan.

Sabnet kuwa yanki ne na adireshi da aka killace wuri guda, na'urorin da ke ciki suna magana da juna kai tsaye, ba sai sun bi ta rauta ba. Lambar da ke bayan karan tsaye, kamar /26, ita ce rubutun CIDR, tsarin da aka fito da shi a 1993. Tana faɗa maka bit nawa ne daga hagu aka kulle a matsayin sunan yankin. Abin da ya rage daga 32 shi ne na na'urori. Saboda haka duk lokacin da lambar ta ƙaru da ɗaya, yankin yana rabewa biyu. /24 adireshi 256 ne, /25 kuwa 128, /26 kuma 64. Babbar lamba, ƙaramin yanki. Da yawa a nan suke fara tuntuɓe, sai su ɗauka /28 ta fi /24 girma.

Lambobi takwas

Ga abin da za ka haddace, shi kaɗai:

```
128  64  32  16   8   4   2   1
128 192 224 240 248 252 254 255
```

Layin sama girman yanki ne. Layin ƙasa kuma maski ne, ana samunsa ta hanyar tara lambobin sama ɗaya bayan ɗaya: 128 da 64 sun ba da 192, a ƙara 32 ya zama 224, haka har 255. Idan ka lura, kowace lamba ta ƙasa in ka cire ta daga 256, ta samanta za ta fito. Da zarar an fara jarrabawa, rubuta layukan nan biyu a abin rubutun da aka ba ka kafin ka taɓa tambayar farko.

Yadda ake amfani da su: ɗakunan nan huɗu suna ƙarewa a 8, 16, 24 da 32. Ka duba lambar CIDR, ka cire iyakar da ta wuce ta ƙarshe. A /26, an wuce 24 da biyu. To, ƙirga biyu daga hagu a layukan: girman yanki 64, maski 192. Tunda an wuce ɗaki uku, aikin yana ɗaki na huɗu, cikakken maski kuma 255.255.255.192 ne.

Tambaya ta farko: ina 192.168.10.77/26 take?

Mun riga mun san girman yanki 64 ne. Sai ka riƙa ƙirga 64-64 daga sifili: 0, 64, 128, 192. Waɗannan su ne bakin kowane yanki. 77 ta wuce 64, ba ta kai 128 ba, don haka yankinta ya fara daga 64 ya ƙare a 127, wato lamba ɗaya kafin bakin na gaba.

Adireshi biyu a ciki ba a ba wa na'ura. Na farko, 192.168.10.64, sunan yankin ne kansa. Na ƙarshe, 192.168.10.127, shi ne na burodkas, wanda ake aika saƙo ga kowa da kowa a yankin ta kansa. Abin da ya rage daga 65 zuwa 126 ne, na'ura 62.

Ga mai son sanin dalilin da ya sa wannan ke aiki: ɗauki lambobin layin sama kamar takardun kuɗi, kana da guda ɗaya tak ta kowace iri, aka ce ka biya 77. Za ka ba da 64, da 8, da 4, da 1. Wadda ka bayar ita ce ɗaya, wadda ta zauna a aljihu sifili, shi ne 01001101. Bainari ke nan, babu wani sirri. Shi /26 cewa ya yi manyan takardu biyu, 128 da 64, na sunan yanki ne. Ka ba da 64 kaɗai, shi ya sa yankin ya fara daga 64. Ƙirgar da muka yi gajeriyar hanya ce zuwa wannan amsa.

Tambaya ta biyu: fayawal zai bar shi ya wuce?

A jarrabawar tsaro, lissafin yakan ɓuya ne a cikin dokar fayawal. Misali an nuna maka wannan:

```
permit tcp 10.20.30.96/27 any 443
deny ip any any
```

Sai a tambaye ka: kwamfuta mai adireshi 10.20.30.130 za ta wuce?

/27 ta wuce 24 da uku, ƙirga uku a layin sama, ka samu 32. Bakunan su ne 0, 32, 64, 96, 128. Yankin da aka buɗe wa ƙofa daga 96 ne zuwa 127. 130 tana yanki na gaba, layin farko bai shafe ta ba, sai ta faɗa layi na biyu a tare ta.

Yanzu a ce mai rubuta dokar ya yi kuskure ya sa 10.20.30.0/24 don ya huta da lissafi. Ƙofar da ya kamata ta ɗauki adireshi 32 ta koma ɗaukar 256. Babu wanda zai kawo ƙorafi, domin komai yana aiki, sai ranar da aka duba rajistar shiga aka ga kwamfutar da ba ta da hurumi tana shiga sabar. Kuskuren da ya matse ƙofa ana gane shi nan da nan, saboda ma'aikata za su yi ta kira. Wanda ya faɗaɗa ta kuwa shiru yake yi, shi ya sa ya fi haɗari.

Tambaya ta uku: idan aikin ya koma ɗaki na uku

A nan ne jiki kan yi sanyi, alhali hanyar ɗaya ce. Ɗauki 172.16.45.9/20. Ashirin ba ta kai 24 ba, iyakar da ta wuce ita ce 16, da huɗu. An wuce ɗaki biyu, aikin yana na uku. Ƙirga huɗu: girman yanki 16, maski 255.255.240.0.

Manta da 9 ta ƙarshe, 45 za ka duba. Ƙirga 16-16: 0, 16, 32, 48. 45 tana tsakanin 32 da 47. Don samun farkon yanki, sa sifili a ɗakin da ya biyo baya: 172.16.32.0. Don samun ƙarshe, cika shi da 255: 172.16.47.255. Yawan adireshi kuwa 16 sau 256 ne, wato 4096, a cire biyu saura 4094.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ce 16 a cire biyu, na'ura 14. Wannan amsar /28 ce, kuma sau da yawa za ka gan ta zaune cikin zaɓin amsoshi tana jiran mai gaggawa.

Da wannan hanya za ka warware wani tarkon. Cikin adireshin cikin gida da RFC 1918 ta keɓe akwai 172.16.0.0/12. Sha biyu ta wuce 8 da huɗu, girman yanki 16 a ɗaki na biyu, daga 16 zuwa 31 ke nan. Saboda haka 172.31.4.4 na cikin gida ne, amma 172.32.0.5 ba na ciki ba ne. In ka ga kwamfutar ofis tana aika bayanai can, waje take aikawa.

Tambaya ta huɗu: rabon yanki

An ba ka 192.168.5.0/24, aka ce ka raba wa ma'aikata mai na'ura 100, kyamarori 50, da baƙi 20, kowa da yankinsa, don kada wayar baƙo ta ga kyamara.

Ƙa'ida biyu ce. Ka ƙara biyu a kan kowace buƙata, sannan ka nemi girman da zai ɗauke ta. Kuma ka fara da babba. 102 sai 128, wato /25, daga 0 zuwa 127. 52 sai 64, wato /26, daga 128 zuwa 191. 22 sai 32, wato /27, daga 192 zuwa 223. Daga 224 zuwa 255 ya rage don gaba.

Me ya sa babba ne farko? Domin yanki ba ya farawa inda ka ga dama, dole bakinsa ya faɗo kan ƙirgar girmansa. Da ka ba baƙi 0 zuwa 31, yankin 128 ba zai iya farawa daga 32 ba, sai dai daga 0 ko 128. Farawa da babba yana hana ka wannan ruɗani. Sannan ka kula da ƙarin biyun nan: na'ura 62 suna shiga /26, amma 63 sai /25.

Gwada da kanka

Rufe amsoshin, ka ba kowace tambaya minti ɗaya.

1. Faɗi farko da ƙarshen yankin 192.168.1.200/28.
2. Faɗi farko da ƙarshen yankin 10.5.130.7/18.
3. Shin 192.168.8.30/29 da 192.168.8.33/29 yankinsu ɗaya?

Amsa ta ɗaya: girma 16, 200 tana tsakanin 192 da 207, na'ura 14. Ta biyu: 18 ta wuce 16 da biyu, girma 64 a ɗaki na uku, 130 tana tsakanin 128 da 191, daga 10.5.128.0 zuwa 10.5.191.255. Ta uku: girma 8, 30 tana yankin 24 zuwa 31, 33 tana 32 zuwa 39. Lamba uku ce kawai a tsakaninsu, amma sai ta rauta za su yi magana.

In ka ƙirƙiro taka tambayar, za ka iya duba amsar da Python:

```
python3 -c "import ipaddress as i; n=i.ip_network('10.5.130.7/18', strict=False); print(n, n.broadcast_address)"
```

Idan amsarka ta saɓa, duba abu uku: ko ka yi aiki a ɗakin da ba shi ba, ko ka fara ƙirga daga ɗaya maimakon sifili, ko kuma ka ɗauki bakin yanki na gaba a matsayin ƙarshen naka. Galibi a ɗayansu matsalar take. Allah ya ba da sa'a.