Gajeren Kira, Dogon Barci: Yadda Agogon Zamani Ke Tattalin Batir

Mai tallan da ya wuni yana kwarara kira, kafin la'asar murya ta dushe. Wanda ya iya sana'ar kuwa sai ya yi kira ɗaya, ya yi shiru ya kasa kunne ko za a amsa. Haka agogon hannu na zamani da ɗamarar auna bugun zuciya suke yi da Bluetooth Low Energy, wato BLE, wanda ya fito a 2010.

Kafin waya ta san da agogo, shi ne ke tallata kansa. Cikin tashoshi 40 da BLE ke amfani da su, an ware uku domin talla: 37, 38 da 39. An zaɓe su ne don su kauce wa cunkoson Wi-Fi. Agogon zai farka, ya jefa ɗan saƙo mai ɗauke da sunansa a kowace tasha, ya saurara kaɗan, ya koma barci. Duka wannan bai wuce kashi biyu cikin dubu na daƙiƙa ba.

Mu ɗauki batirin CR2032, mai kama da kwabo, wanda ke riƙe kimanin 220 mAh. A ce rediyon na'urar na jan 10 mA. Da za a bar shi a kunne, awa 22 kacal zai yi. Amma idan sau ɗaya yake farkawa a daƙiƙa, abin da yake sha, har da na lokacin barci, bai fi 0.022 mA ba. Wannan awa 10,000 ke nan, fiye da shekara guda. In aka mayar da tallan sau goma a daƙiƙa, waya za ta gano shi da wuri, amma batirin wata ɗaya da rabi zai yi.

Da zarar waya ta amsa, sai su tsayar da lokacin ganawa, wanda tazararsa kan iya kai daƙiƙa huɗu. Idan agogo ba shi da labari, an yarje masa ya tsallake wasu ganawar.

Sai haɗi na farko. Lambobi shida kan bayyana a fuskar waya da ta agogo, ka duba sun dace, ka amince. Daga nan su ƙirƙiri mabuɗin sirri, kowa ya adana nasa, don kada gobe a sake gabatarwa.

A nan ake yawan samun tangarɗa. In ka goge agogon daga wayarka shi kuma yana riƙe da tsohon mabuɗi, za ka ga sunansa amma haɗi ya ƙi. Maganin shi ne a goge ta ɓangarorin biyu, a sake daga farko. In kuwa cajin agogonka na saurin ƙarewa, fara tuhumar hasken fuskarsa da GPS kafin ka ɗora wa Bluetooth laifi.